Harajin ribar sayar da fili da hannun jari: a kan wane kuɗi ake yin lissafin?

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, maganganu iri biyu ke yawo a bakin dillalan filaye da masu saye da sayarwa a Birnin Kebbi, Argungu da Jega. Wasu na cewa duk wanda ya sayar da fili gwamnati za ta karɓi kashi 25 cikin ɗari na kuɗin. Wasu kuma na cewa kashi 30 ne. Duka adadin biyu suna cikin dokar, amma babu ɗayansu da ake ɗorawa a kan kuɗin cinikin. Ana ɗora harajin ne a kan riba kaɗai, kuma riba ba ta fitowa sai an san uwar kuɗi. Don haka tambayar da ta fi dacewa mai fili ya fara yi ita ce: nawa hukuma za ta yarda cewa na kashe a kan wannan kadarar? Amsar wannan tambaya ita ke yanke yawan abin da zai fita daga aljihunsa.

## Kalmomi uku da lissafin ya dogara a kansu

Na farko shi ne kuɗin ciniki, wato abin da mai saye ya biya, ko darajar abin da ya bayar idan musaya aka yi. Wanda ya ba da fuloti ya karɓi mota, a idon doka ya sayar, kuma darajar abin a kasuwa ita ce kuɗin cinikin.

Na biyu ita ce uwar kuɗi. Ba farashin saye kaɗai ba ne. Ta haɗa da kuɗin da aka sayi kadarar, da hidimomin da sayen ya jawo, da abin da aka kashe wajen ƙara mata daraja, da abin da aka kashe wajen tabbatar da mallakarta ko kare ta.

Na uku ita ce ribar da ake ɗora wa haraji: kuɗin ciniki, a cire hidimar sayarwa, a cire uwar kuɗi, abin da ya rage shi ne ribar. Idan babu abin da ya rage, babu wannan harajin.

Wannan haraji daban yake da harajin hatimi, da kuɗin rajista, da kuɗin amincewar gwamna da ake biya a ofishin filaye. Waɗannan ana lissafa su ne a kan darajar kadarar, ko an ci riba ko an faɗi. Daban yake kuma da zakka, wadda ke da nata nisabi da nata hukunci. Cakuɗa su wuri guda na cikin abin da ke sa mutane ganin kamar ana karɓar kaso daga kuɗin cinikin gaba ɗaya.

## Daga 1967 zuwa 2026

Harajin ba sabo ba ne. An kafa dokarsa a 1967, kuma shekaru da dama kashi 10 cikin ɗari ne a kan riba, ga mutum ko kamfani, riba ƙarama ko babba. Hannun jari ya daɗe ba ya ciki, sai dokar kuɗi ta 2021 ta dawo da shi daga farkon 2022, ga wanda cinikinsa ya kai naira miliyan 100 a cikin wata 12. Dokar kuɗi ta 2023 ta ƙara kadarorin intanet irin su kirifto, ta kuma buɗe ƙofar cire asara daga riba idan kadarorin iri ɗaya ne.

A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka fito daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Ɗaya daga cikinsu ta soke tsohuwar dokar 1967, ta mayar da ribar sayar da kadara wani ɓangare na kuɗin shiga. Kamfani zai biya a kan ma'aunin harajin kamfanoni, kashi 30, sai dai ƙananan kamfanoni da doka ta yafe wa. Mutum kuwa za a haɗa ribarsa da sauran kuɗin shigarsa na shekarar, a bi da su ta matakai kamar haka: naira dubu 800 na farko babu haraji, miliyan 2.2 na gaba kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18. Miliyan 13 na gaba kashi 21. Miliyan 25 na gaba kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50 kashi 25.

A nan ne jita-jitar kashi 25 ta samo asali. Wannan kason ba ya taɓa mutum sai a kan abin da ya haura miliyan 50 a shekara, kuma ko a lokacin ma ɓangaren da ya haura ɗin kaɗai yake ci. Kowane mataki yana cin rabonsa ne kawai.

Batun wanda ake biya bai sauya ba a asali. Mutumin da ke zaune a Kebbi yana biyan hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, kamfani kuwa yana biyan hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS.

## Abin da ke shiga uwar kuɗi da abin da ba ya shiga

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mutane suka fi asara ba tare da sun sani ba.

Farashin saye shi ne tubalin farko. Bayansa sai hidimar saye: la'adar dillali, kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, kuɗin safiyo, harajin hatimi da kuɗin rajista idan mai sayen ne ya biya. Sai kuɗin gyaran da ya ƙara wa kadarar daraja: katanga, cikon rami, rijiyar burtsatse, harsashin gini. Sharaɗin da aka daɗe ana bi a nan shi ne gyaran ya kasance yana nan a ranar sayarwa. Katangar da ruwa ya kayar shekara uku kafin ciniki ba ta ƙara wa mai saye komai ba, don haka da wuya a karɓe ta a lissafi. Sai kuma kuɗin kare mallaka. Wanda wani ya shigo masa fili suka je kotu, ya biya lauya ya yi nasara, wannan kuɗin na cikin uwar kuɗinsa. Haka kuɗin neman satifiket ɗin mallaka.

Abin da ba ya shiga shi ne hidimar yau da kullum: kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara, albashin mai gadi, sharar ciyawa bayan damina, fenti da facin rufi a gidan haya. Dalilin shi ne waɗannan ba su ƙara wa kadarar komai ba, sun dai riƙe ta yadda take. Wanda yake karɓar haya ma ya riga ya sami damar cire irin wannan hidima daga kuɗin hayar, kuma doka ba ta yarda a cire abu ɗaya sau biyu ba. Wahalar mutum da lokacinsa ma ba sa shiga. Manomin da ya yi shekaru yana gyara fadama da hannunsa ba zai iya yanka wa guminsa farashi ya saka a lissafi ba, sai abin da ya biya wasu.

Duk wannan yana tsayawa ne a kan hujja. Hukuma ba ta lissafi da abin da mutum ya tuna, tana lissafi da abin da ya nuna. Matsalar kuwa ita ce yawancin cinikin fili a garuruwanmu ana ƙulla shi ne a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta 'yar takarda, a biya dillali da hannu, magini ya karɓi kuɗinsa ba rasit. Ciniki irin wannan ya halatta a tsakanin mutane, amma ranar lissafin haraji sai mai filin ya tarar rabin abin da ya kashe ba shi da shaida.

## Misali: fuloti a hanyar Kalgo

A ɗauka wani mazaunin Birnin Kebbi ya sayi fuloti a hanyar Kalgo a 2016, lokacin da jami'ar tarayya ta fara jawo mutane zuwa yankin. Adadin da ke tafe na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya.

Ya sayi fulotin naira miliyan 3. La'ada da lauya da hatimi sun ci dubu 300. Safiyo da satifiket sun ci dubu 400. Ya ja katanga ya sa ƙofa da miliyan 1.3. Uwar kuɗinsa ta zama miliyan 5. A 2026 ya sayar a kan miliyan 20, dillali da lauya suka karɓi miliyan 1. Ribarsa ita ce miliyan 20, a cire 1, a cire 5, saura miliyan 14.

A tsohuwar doka zai biya kashi 10 na miliyan 14, wato miliyan 1.4, magana ta ƙare.

A sabuwar doka sai an tambayi sauran kuɗin shigarsa. Idan ba shi da wani abin da ake ɗora wa haraji a shekarar, dubu 800 na farko sun tafi kyauta. Miliyan 2.2 na gaba a kashi 15 sun ba da dubu 330. Miliyan 9 na gaba a kashi 18 sun ba da miliyan 1.62. An kai miliyan 12 ke nan, saura miliyan 2, waɗanda suka faɗa matakin kashi 21, suka ba da dubu 420. Jimilla naira miliyan 2.37. Wannan kusan kashi 17 ne na ribar, kuma bai kai kashi 12 na kuɗin cinikin ba. Ya fi na da nauyi sosai, amma ya yi nisa da miliyan 5 da mai jita-jitar kashi 25 zai lissafa.

Idan kuwa ma'aikaci ne mai albashin da ya kai miliyan 3 a shekara bayan an cire abin da doka ta yarda, albashin ya riga ya cinye matakai biyu na farko. Ribar za ta hau samansa: miliyan 9 a kashi 18, miliyan 5 a kashi 21. Harajin ribar ya zama miliyan 2.67. Fili ɗaya, riba ɗaya, amma ma'aikacin ya fi biyan dubu 300.

Yanzu a ɗauka ba shi da wata takarda sai ta saye mai ɗauke da miliyan 3. Katanga, safiyo da la'adar farko duk babu shaida. Uwar kuɗinsa ta ragu da miliyan 2, ribar takarda ta koma miliyan 16. Waɗannan miliyan 2 suna zaune ne a saman tulin, inda kason ya fi tsada, don haka za su jawo masa ƙarin dubu 420. A tsohuwar doka rashin rasit ɗin dubu 200 zai ci masa. Ma'ana, sauyin dokar ya ninka darajar kowace takarda fiye da sau biyu ga mai irin wannan riba. Wannan shi ne ɓangaren sabuwar dokar da ba a cika magana a kansa ba, alhali shi ne wanda ke hannun mai fili.

## Idan an yanki wani ɓangare aka sayar

Gonaki da dama da ke gefen gari yanzu ana yanka su fuloti-fuloti. Mai gona yakan ɗauka idan ya sayar da rabi, rabin uwar kuɗi zai cire. Lissafin doka ba da faɗin ƙasa yake tafiya ba, da daraja yake tafiya. Ana ɗaukar kuɗin ɓangaren da aka sayar, a kira shi A, da darajar ɓangaren da ya rage a kasuwa a ranar, a kira shi B. Rabon uwar kuɗin da za a cire shi ne:

```
A ÷ (A + B)
```

Mutum ya sayi gona miliyan 6. Titi ya biyo ta gefe guda. Ya sayar da rabin bakin titi miliyan 20, rabin baya kuma an kimanta shi miliyan 10. A shi ne 20, B shi ne 10, rabon ya zama kashi biyu cikin uku. Zai cire miliyan 4 daga uwar kuɗi, ribarsa miliyan 16. Miliyan 2 da suka rage suna jiran ranar da zai sayar da rabin baya. Da faɗin ƙasa aka bi, miliyan 3 kaɗai zai cire. Rigimar da ke tasowa a irin wannan ciniki kusan kullum a kan B take, domin babu wanda ya sayi wannan ɓangaren, kimantawa ce kawai. Idan aka kumbura darajar abin da ya rage, rabon da mai gona zai cire yau sai ya ragu. Shi ya sa rahoton ƙwararren mai kimanta kadara a lokacin cinikin yake da amfani, kuma kuɗin da aka biya shi ma hidimar sayarwa ce.

## Gado, kyauta da cinikin 'yan uwa

Mutuwa ba ta jawo wannan haraji. Magada ba sa biyan harajin riba don kawai gida ko gona ta faɗo hannunsu. Tambayar tana tasowa ne ranar da suka sayar: mene ne uwar kuɗin wanda bai saya ba? Ƙa'idar da dokar 1967 ta shimfiɗa ita ce a koma ga farashin da aka sayi kadarar a ciniki na ƙarshe idan ana iya gano shi, idan ba a iya ganowa ba a ɗauki darajarta a kasuwa a ranar rasuwar. Gonar da aka gada kaka da kakanni, wadda ba a taɓa saye ba, tana faɗawa kashi na biyu. Don haka kimantawar da ake yi lokacin rabon gado, musamman idan an rubuta ta a kotu, takarda ce da ya kamata magada su adana, ko da ba su da niyyar sayarwa.

Kyautar da ba a karɓi komai a kanta ba doka ta sassauta mata. Amma ciniki tsakanin makusanta a kan farashi mai rahusa wani abu ne daban. Idan mutum ya sayar wa ƙanensa ko kamfaninsa fili mai darajar miliyan 20 a kan miliyan 8, hukuma na da ikon ajiye miliyan 8 ɗin a gefe ta yi lissafi da farashin kasuwa.

Gidan da mutum yake zaune a ciki shi ma yana da sassauci, tare da filin da ke manne da shi har eka ɗaya. Sabuwar doka ta iyakance wannan sassaucin zuwa sau ɗaya a rayuwar mutum. Fuloti mara gini da gidan haya ba sa ciki.

## Rage farashi a takarda: wa ke ɗaukar nauyin?

Sanannen abu ne cewa wani lokaci mai saye da mai sayarwa kan rubuta farashi ƙasa da na gaskiya don rage kuɗin hatimi da rajista. Wannan laifi ne a doka, kuma hukuma na iya watsi da adadin ta yi tata kimantawar. Amma ko ba a kama su ba, lissafin yana da wanda yake cuta, kuma mai saye ne.

A koma fulotin hanyar Kalgo. An biya miliyan 20, an rubuta miliyan 12. Bayan shekara biyu mai sayen ya sayar a kan miliyan 26 ga wanda ya dage a rubuta gaskiya, misali banki ne ya ba shi rance. Ribarsa ta haƙiƙa miliyan 6 ce. Ribarsa a takarda miliyan 14 ce, domin uwar kuɗin da zai iya nunawa miliyan 12 ce. Zai biya haraji a kan miliyan 8 da bai taɓa ci ba, ribar da wancan mai filin ya tafi da ita. Abin da ya tsira da shi a kuɗin hatimi bai kama ƙafar wannan ba.

Akwai kuma wata al'ada a wasu jihohi, inda ake karɓar wani ƙayyadadden kaso na darajar fili da sunan harajin riba a lokacin neman amincewar gwamna, wanda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta, kuma sau da yawa mai saye ne ke biya don takardunsa su fito. Wannan hanya ce ta sauƙaƙa aiki, amma a doka harajin riba na kan wanda ya ci ribar ne, wato mai sayarwa. Ya dace a fayyace wannan a yarjejeniya tun kafin a biya kuɗi.

## Hannun jari: ƙofa biyu da sharaɗin sake zubawa

Lissafin asali ɗaya ne: kuɗin sayarwa, a cire kuɗin saye da la'adar dillalin hannun jari da kuɗaɗen kasuwa. A nan hujja ta fi sauƙi, domin kowane ciniki a NGX, kasuwar hannun jarin Najeriya da ke Legas, yana da takardarsa, kuma CSCS, kamfanin da ke adana bayanan masu hannun jari, na riƙe da bayanan asusu. Rabon riba da kamfani ke biya duk shekara ba ya cikin wannan lissafi, yana da nasa harajin da ake cirewa tun kafin kuɗin ya iso.

Sabuwar doka ta yafe wa mai sayar da hannun jarin kamfanin Najeriya idan sharuɗɗa biyu sun haɗu a cikin wata 12: jimillar cinikinsa bai kai miliyan 150 ba, kuma ribarsa ba ta wuce miliyan 10 ba. Malamin makarantar da ya sayar da hannun jarin banki na miliyan 8 ya ci ribar miliyan 3 ba ya biyan komai. Amma sharaɗi na biyu sabo ne, kuma yana kama wanda tsohuwar doka ta bari. Ɗan kasuwar da ya saya miliyan 35 ya sayar miliyan 60 ya ci ribar miliyan 25. A da, tunda cinikin bai kai miliyan 100 ba, ba a taɓa shi. Yanzu ribarsa ta wuce miliyan 10, kuma idan ba shi da wani kuɗin shiga harajin zai kai miliyan 4.68.

Hanyar fita ta farko ita ce sake zuba kuɗin a hannun jarin kamfanonin Najeriya a cikin shekarar harajin. Abin lura shi ne kuɗin cinikin ake so a mayar, ba ribar kaɗai ba. Idan ya mayar da miliyan 45 daga cikin 60, kashi ɗaya cikin huɗu ya rage a hannunsa, kashi ɗaya cikin huɗu na ribar ne zai shiga lissafi, wato miliyan 6.25.

Ta biyu ta shafi uwar kuɗin kanta. A ƙarshen 2025, lokacin da fargabar sabon harajin ta girgiza kasuwar hannun jari, kwamitin Oyedele ya bayyana cewa ga hannun jarin da aka riga aka mallaka za a ɗauki wanda ya fi girma tsakanin farashin saye da farashin kasuwa na ranar 31 ga Disamban 2025. Idan jarin ɗan kasuwar nan ya kai miliyan 55 a wannan ranar, to bisa wannan bayani ribarsa miliyan 5 ce kacal, ta koma ƙarƙashin iyaka, babu haraji. Ciniki ɗaya ya tashi daga miliyan 4.68 zuwa sifili, ba don kaso ya sauya ba, sai don an sauya wurin da ake fara ƙirga.

## Masu goyon baya da masu suka

Masu kare dokar suna da hujjoji uku. Suna cewa kashi 10 ga kowa ya fi amfanar manya, domin mai ribar biliyan da mai ribar miliyan ɗaya kaso ɗaya suke biya, alhali ma'aikaci na biyan fiye da haka a kan albashinsa. Suna cewa tazarar da ke tsakanin kashi 10 da kashi 30 ta daɗe tana sa kamfanoni sauya wa ribar kasuwanci suna su kira ta ribar kadara. Suna kuma nuna cewa ƙaramin mai sayarwa ya sami sauƙi. Wannan gaskiya ne har zuwa wani wuri da ake iya lissafawa. Ga wanda ba shi da wani kuɗin shiga, ribar miliyan 1.5 yanzu tana jawo dubu 105 maimakon dubu 150. Lissafin biyu suna haɗuwa a ribar miliyan 2.4. Ƙasa da haka sabuwar doka ta fi sauƙi, sama da haka ta fi nauyi.

Masu suka kuwa sun fi ƙarfi a kan hauhawar farashi. Doka tana cire nairar 2016 daga nairar 2026 kamar ƙarfinsu ɗaya, alhali a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, kuma dala da ke kusan naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Idan kayan da miliyan 5 ke saye a da yanzu sai da miliyan 20, to mai fulotin Kalgo bai ƙaru da komai ba, ya dai tsira da dukiyarsa, amma zai biya haraji kamar ya ci miliyan 14. Wannan naƙasu yana nan tun a tsohuwar doka, sai dai ya fi ciwo da kason ya tashi. Suka ta biyu ita ce ribar da ta taru a shekara goma ana jibge ta a shekara ɗaya, sai ta tura mutum matakin da samunsa na yau da kullum ba ya kai wa. Masu zuba jari daga waje kuma sun yi ƙorafin cewa kashi 30 ya yi yawa idan aka kwatanta da kasuwannin da Najeriya ke gogayya da su.

Hujjar adalci tsakanin babba da ƙarami tana da tushe, haka ma hujjar hauhawar farashi, kuma ɗaya ba ta rushe ɗayar. Abin da ya fito fili shi ne sabunta uwar kuɗi zuwa farashin ƙarshen 2025 an yi maganarsa ne a kan hannun jari, inda farashin kowace rana yake a rubuce. Fili ba shi da irin wannan allon farashi, kuma a Kebbi dukiyar yawancin mutane a ƙasa take, ba a kasuwar Legas ba.

## Abin da zai sauya ga mai sayarwa

Wanda abin zai fi shafa shi ne mai matsakaicin hali da ya ajiye fuloti ɗaya ko biyu don aurar da 'ya'ya, zuwa Hajji ko kuɗin makaranta. Shi ne mai tsohon farashin saye, mai ƙarancin takardu, mai ribar da ta wuce miliyan 2.4. Wanda sana'arsa ce saye da sayar da filaye daman ribarsa ta kasuwanci ce, harajin kuɗin shiga take bi tun da can.

Ga wanda takardunsa suka ɓace, akwai abin da ake iya haɗawa tun kafin ciniki: bayanan banki na lokacin da aka biya, kwafin yarjejeniya daga lauya ko ɗaya ɓangaren, rasit ɗin ofishin filaye da ke cikin fayil, da rubutacciyar shaidar maginin da ya ja katanga tare da kimantawar ƙwararre. Bayan an sayar an miƙa fili, haɗa waɗannan yakan yi wuya, domin sabon mai shi na iya rushe katangar a mako na farko.

Lokacin sayarwa ma ya zama abin lissafi, wanda a zamanin kashi 10 ba shi da tasiri. Mai fuloti biyu, kowanne da ribar miliyan 7, idan ya sayar da su a shekara ɗaya ribarsa miliyan 14 ce, harajinsa miliyan 2.37 kamar yadda aka gani. Idan ya sayar da ɗaya bana ɗaya baɗi, kowace shekara harajin miliyan 1.05 ne, jimilla miliyan 2.1, ya rage dubu 270. Sharaɗin dai shi ne cinikin biyu su zama daban da gaske, domin ranar da ake ƙirgawa ita ce ranar da aka ƙulla ciniki, ba ranar da kuɗin ƙarshe ya shigo ba. Wanda ya ƙulla cinikin fulotin biyu a Nuwamba ya ce a biya shi rabi a Janairu bai raba komai ba, duka ribar ta shekarar farko ce.